Hoto ɗaya cikin ɗari uku ya isa ya tona asiri

A ce ɗan jarida ya ɗauki bidiyon daƙiƙa goma na wata yarinya mai talla tana tsallaka titi, kuma bai kamata a gane ta ba. Da hoto ne guda, sai a shafa wa fuskar hazo a wuce wurin. Amma bidiyo jerin hotuna ne da ake gudu da su, galibi 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, waɗanda masu tace fim ke kira firem. Wayar da ke ɗaukar 30 ta tara hotuna 300 ke nan a wannan ɗan lokaci, kuma a kowanne kan yarinyar ya ɗan gusa. Mai kallo yana iya tsayar da bidiyon a inda ya ga dama, don haka idan hazon ya kauce a firem ɗaya tak, sauran 299 aikin banza ne.

Yadda ake yi a manhajar DaVinci Resolve, wadda ke da samfurin kyauta, shi ne a nemi firem ɗin da fuskar ta fi fitowa sarai, a shafin Color a zana mata da'ira da Power Window, a sa hazo cikin da'irar, sannan a umarci Tracker ya bi ta gaba, ya kuma bi ta baya zuwa farko. Mutane da yawa kan manta da bin baya, sai bidiyo ya buɗe da fuska tsirara. Da'irar kuma a yi ta da faɗi, ta haɗa da kunnuwa da haɓa da goshi, saboda wanda ya san mutum yana iya gane shi ko da rabin fuska.

Manhajar ba ta san wace ce yarinyar ba. Wasu ɗigo-ɗigo take kamawa inda haske da duhu suka bambanta, kamar gefen ido ko bakin mayafi, sai ta neme su a firem na gaba kusa da inda suke. Muddin yarinyar na tafiya a hankali, hazon zai bi ta kamar jela. A daƙiƙa ta huɗu sai keke napep ya gifta ya tare ta na rabin daƙiƙa, wato firem 15. Ɗigon sun ɓace, manhajar ta kama jikin keken, hazon ya bi shi ya tafi, yarinya kuma ta fito fili. Haka ma yakan faru idan ta juya kai da sauri, ko ta shiga inuwar rumfa, ko hannun mai ɗauka ya girgiza. Alamarsa da'irar ta yi tsalle farat ɗaya, ko ta tsaya cak alhali mutum na tafiya.

Maganin na hannu ne. A tsayar da bin kafin keken ya iso, a riƙa jan da'irar da kai ana kafa ta a inda kan zai ɓullo, sannan a sake sakin manhajar bayan fuskar ta fito duka. Firem biyu ko uku na farkon ɓullowar su ne suka fi kuɓucewa. YouTube ma, wanda ya kawo dusashe fuska a 2012, ya ƙara mai bin abu a 2016, haka yake buƙatar a bi bayansa da ido.

Sai batun kaurin hazon. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Texas da ke Austin da Cornell Tech sun nuna kwamfutar da aka horar tana iya gane fuskokin da aka dusashe ko aka mayar ƙananan murabba'ai. Lambar mota ta fi rauni, domin haruffa da lambobi kaɗan ne masu siffa sananniya, ana iya gwada su har a dace da wadda ta yi daidai da dishi-dishin. Ga shi kuma tana girma idan motar ta matso, don haka dole murfin ya girma tare da ita. A ganina, inda ran mutum ko mutuncinsa ke cikin haɗari, baƙin murfi da ba a ganin komai ta cikinsa ya fi kowane hazo, ko da zai rage wa bidiyon kyau.

Bayan an fitar da bidiyon, fayil ɗin da za a tura shi ake dubawa firem bayan firem. A nan ne ake kama fuskar da ta bayyana a gilashin mota ko madubin babur, da rubutun da ke jikin shago, da muryar wani a gefe da ya kira yarinyar da sunanta.