Ko Kun Sani? Lasin Tuƙin Najeriya Wata 12 Kawai Yake Yi a Birtaniya

Duk wanda ya koma Birtaniya da zama riƙe da lasin tuƙin Najeriya, wata 12 doka ta ba shi ya yi tuƙi da shi, ko da akwai sauran shekaru a jikin katin. Daga ranar da ya fara zama a ƙasar ake ƙirge. Zuwa gida hutu ba ya sabunta wa'adin, haka ma takardar tuƙi ta ƙasa-da-ƙasa.

Hukumar ba da lasin tuƙi ta Birtaniya, DVLA, takan musanya lasin wasu ƙasashe ba tare da jarrabawa ba, irin su Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, cikin shekara 5 da fara zama. Najeriya ba ta cikinsu. Dole ɗan Najeriya ya karɓi lasin koyo, ya ci jarrabawar dokokin hanya, sannan ta tuƙi.

Ɗauki ma'aikaciyar jinya da ta sauka Mancesta ranar 1 ga Satumba. Ba za a yi mata jarrabawa ba sai ta cika kwana 185 a ƙasar, wato farkon Maris, ga kuma layin jarrabawar tuƙi da kan ɗauki watanni. Gara ta nemi lasin koyo tun da wuri. In Agusta ya ƙare ba ta ci ba, ta koma 'yar koyo: sai da alamar L a mota, da wani mai aƙalla shekara 21 a gefenta, wanda lasinsa ya shekara 3. In ta tuƙa ita kaɗai, akwai tarar da ta kai fam 1,000, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya idan aka yi haɗari.