Yadda Ake Ƙidaya Kifin da Ke Cikin Ruwa

Makiyayi yana iya tsayawa a bakin garke ya ƙirga shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Amma wanda aka ɗora wa kula da tafki, idan aka tambaye shi yawan karfasar da ke ciki, ba shi da wannan damar. Kifi ba ya bin layi, ba a kuma ƙafe ruwa don ƙidaya. Ga shi kuwa dole a san adadin kafin a yanke yawan abin da masunta za su kama a shekara ba tare da sun ƙarar da iri ba.

Masana dabbobi suna da wata dabara ta wannan aiki: a kama, a sa alama, a saki, a sake kamawa. Ana kiranta da sunan mutum biyu. Na farko Petersen, masanin kifi ɗan ƙasar Denmark, wanda a wajen 1896 yake liƙa wa kifaye alama a ruwan Limfjord don bin girmansu da yawonsu. Na biyu Frederick Lincoln na Amurka, wanda a 1930 ya yi lissafi da zobban da ake sa wa agwagin daji a ƙafa, waɗanda mafarauta ke dawowa da su, ya kimanta yawan agwagin.

Mu ɗauki wani tafki a matsayin misali, a tsakiyar rani, lokacin da ba rafin da ke shiga ko fita. Ranar farko an kama karfasa 200. Aka ɗan yanke wa kowace gefen fiffike da almakashi, aka mayar da ita ruwa da ranta. Aka bar tafkin mako guda don masu alamar su watsu cikin 'yan uwansu. Da aka koma, aka kama 150, aka duba su ɗaya-ɗaya, sai ga 30 da yankan nan a jikinsu.

Daga nan lissafin ke fitowa. 30 cikin 150 shi ne ɗaya cikin biyar. Idan kamun na biyu ya nuna ainihin yadda tafkin yake, to ɗaya cikin biyar na dukan karfasar tafkin suna da alama. Mun kuwa san yawan masu alamar, tunda da hannunmu muka yi su: 200. Abin da 200 ke zama ɗaya bisa biyar ɗinsa shi ne 1,000. A littattafai haka ake rubuta shi:

```
N = (M × C) ÷ R
N = (200 × 150) ÷ 30 = 1000
```

M su ne waɗanda aka sa wa alama, C kamun na biyu, R masu alamar da suka sake faɗowa hannu. Kamar dai a zuba gwangwani guda na jan wake cikin buhun farin wake, a cuɗa sosai, a ɗibi tafi guda a ga yawan jan da ya fito.

Duk nauyin lissafin yana kan 30 ɗin nan. Ko da komai ya tafi daidai, sa'a kaɗai na iya sa a samu 25 yau, 35 gobe. Da 25 amsa za ta zama 1,200, da 35 kuma kusan 860. Shi ya sa mai aikin gaskiya ba zai ce “kifi dubu ne” ya yi shiru ba. Zai ce yana tsakanin 700 da 1,300, mai yiwuwa kusa da dubu. Idan masu alamar da suka dawo ba su da yawa, abin ya fi muni: uku za su ba da 10,000, biyu kuma 15,000. Kifi guda ya sauya amsa da dubu biyar! A 1951 Chapman ya kawo gyara, inda ake ƙara ɗaya a kan kowace lamba kafin lissafi, a cire ɗaya daga amsa. A misalinmu zai ba da 978. Gyaran na taimakawa, amma ba ya maye gurbin isasshen kamu.

Matsalar sa'a ana rage ta da ƙarin aiki. Wadda ta fi damuna ita ce zaton da aka gina lissafin a kansa, cewa kifi mai alama da marar alama ɗaya suke wajen shiga raga. Wake ba ya koyon darasi, amma dabba tana koya. Kifin da ya sha wuya a hannun mutane yana iya gudun wurin. Idan saboda haka 20 kawai suka dawo, lissafi zai ce 1,500, alhali 1,000 ne, kuma a kan wannan kuskure za a ba masunta izinin kamun da ya wuce ƙarfin tafkin. Akasin haka ma na faruwa, musamman ga ɓeraye da sauran ƙananan dabbobi: wanda ya ci abinci a tarko aka sake shi lafiya, gobe shi ne na farkon komawa. Da 40 ne suka dawo, amsa ta faɗi zuwa 750.

Akwai kuma wanda ya fi ɓoyuwa. Raga mai manyan idanu manyan kifi take riƙewa, ƙanana su wuce. In da ita aka yi kamun farko da na biyu, a gefe guda na tafkin, to waɗanda ke da sauƙin kamawa ne ake ta maimaitawa, sauran kuma kamar babu su. Irin wannan kusan kullum rage adadi yake yi. Maganinsa shi ne a sauya kayan kamu, a ce tarko a karon farko, birgi a na biyu, a kuma zaga dukan tafkin. Sannan a auna tsawon kowane kifi. In an ga manya na dawowa ninkin yadda ƙanana ke dawowa, an gano matsalar, sai a yi wa kowane rukuni lissafinsa daban.

Ita kanta alamar tana iya cin amana. Fiffiken da aka yanke yakan sake tsirowa in an daɗe, 'yar robar da aka maƙala takan faɗi, wani lokaci kuma rauni ya kashe kifin ko ya sa tsuntsu ya fi saurin ɗaukarsa. Duk waɗannan rage masu alama suke yi, su kumbura amsa. Don a gane, sai a yi wa kowane kifi alama iri biyu. Idan cikin 30 masu yanka 20 ne kawai ke da robarsu, an san kashi ɗaya cikin uku na faɗuwa. Don mutuwa kuwa, akan tsare wasu masu alama a keji cikin ruwan na 'yan kwanaki a ga nawa suka rayu.

Sharaɗin rufewar tafki shi aka fi ambata, amma yana da sassauci fiye da yadda ake zato. Idan kifi sun mutu tsakanin kamun biyu, masu alama da marasa alama daidai wa daida, ɗaya cikin biyar ɗin nan bai canza ba, amsar tana nan a matsayin adadin ranar farko. Shigowar baƙi kuwa, kamar idan damina ta haɗa tafki da kogi, tana sa amsar ta zama adadin ranar kamu na biyu. Idan aka haɗa shiga da fita a lokaci guda, lissafin kamu biyu ya gaza, sai a koma ga hanyoyin kamu da yawa irin na Jolly da Seber na 1965.

Wasu dabbobin da alamarsu aka haife su. A 1995 Ullas Karanth ya wallafa kimanta damisar Indiya mai zāne a dajin Nagarahole, inda ya ɗauki hoton kyamarar da aka ɗana a hanya a matsayin kamu, zānen jiki kuma a matsayin alama. Raƙuman dawan yankin Koure a Nijar ma da tabban jikinsu ake tantance kowanne. Wannan ya kawar da faɗuwar alama da wahalar kamu. Bai kawar da ɗayar matsalar ba: dabbar da gidanta ke nesa da inda aka ɗana kyamara ba za ta shiga hoto ba, don haka kafin a karɓi adadin sai an tambayi inda aka sa kyamarorin da faɗin dajin da suka rufe.