Shirin Musamman: Dalilin Hana Yara Asfirin a Lokacin Zazzaɓin Mura da Ƙarambau

Shirin na yau zai duba dalilin da ya sa likitoci suke hana ba wa yara asfirin idan zazzaɓinsu na ƙwayar bairos ne, musamman mura mai tsanani da ƙarambau, duk da cewa maganin ya daɗe yana yi wa manya amfani wajen rage ciwo da sauke zafin jiki.

Tushen wannan hani shi ne wata larura da ake kira ciwon Reye, wadda ta samo sunanta daga Dakta Douglas Reye, likitan da shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a shekarar 1963 a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, bayan sun bi diddigin yara 21 da hantarsu ta cika da kitse, ƙwaƙwalwarsu kuma ta kumbura, har 17 daga cikinsu suka rasu. Binciken da aka yi daga baya a Amurka ya nuna cewa mafi yawan yaran da suka kamu sun sha asfirin a lokacin mura ko ƙarambau. A shekarar 1980 an sami rahoton yara 555 a ƙasar, amma da aka yi ta gargaɗin iyaye, aka kuma wajabta rubuta gargaɗin a jikin kwalin maganin a 1986, sai adadin ya ragu har ya koma bai wuce biyu ba a shekara tsakanin 1994 da 1997. Birtaniya ta hana ba da shi ga 'yan ƙasa da shekara 12 a 1986, sannan ta ɗaga iyakar zuwa shekara 16 a 2002.

Ɓarnar tana farawa ne daga hanta. A cikin ƙwayoyin halittarta akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda suke ƙona kitse domin samar da kuzari, suke kuma taimakawa wajen mayar da amoniya, wato dattin da ke fitowa idan jiki ya sarrafa furotin, zuwa sinadarin da ke fita cikin fitsari. Idan cutar bairos ta riga ta raunana waɗannan sassa, sannan asfirin ya ƙara musu nauyi, sai aikin ya tsaya: kitse ya taru a hanta, sukarin jini ya faɗi, amoniya kuma ta hauhawa ta isa ƙwaƙwalwa. Daga nan ƙwaƙwalwa take kumbura, kuma da yake ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba ta wuri, matsin da ke ƙaruwa a ciki shi ne ke jawo mutuwa ko nakasa mai ɗorewa.

Abin da ke ruɗar iyaye shi ne lokacin da alamomin suke bayyana. A ɗauki misalin yaro ɗan shekara bakwai da aka ba asfirin saboda ƙarambau: bayan kwana uku zuwa biyar ƙurajen sun fara bushewa, zazzaɓi ya sauka, gida ya fara hamdala, sai kwatsam amai ya taso babu ƙaƙƙautawa. Bayan wasu sa'o'i sai yawan barci da kasala su biyo baya, sannan yaron ya rikice, ya riƙa faɗa ko sambatu, ya kasa gane mahaifiyarsa, daga bisani jijjiga da dogon suma. Galibi idanunsa ba sa yin ruwan ɗorawa irin na shawara, don haka farin ido ba ya nufin hanta lafiya take. Irin wannan yaro asibiti ya kamata a garzaya da shi tun a matakin amai da sauyin hali, a kuma gaya wa likita duk maganin da ya sha, domin a auna sukari da amoniya da aikin hanta, a sa masa ruwa mai sukari ta jijiya, a rage kumburin ƙwaƙwalwa.

Wajibi ne a san cewa asfirin yakan ɓuya a cikin wasu magungunan da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, kamar garin Alabukun da wasu haɗe-haɗen ciwon kai, saboda haka a tambayi mai kemis ko maganin yana ɗauke da asfirin ko danginsa na salisilet. Abin da ya dace da yaro shi ne farasitamol, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinsa, wato miligiram 200 zuwa 300 ga mai kilo 20, duk bayan sa'a huɗu zuwa shida, kuma kada ya wuce sau huɗu a cikin sa'a 24. Tun da zazzaɓin cizon sauro ya yawaita a ƙasashenmu, gwajin jini ya zama tilas kafin a ɗauka mura ce kawai.

Ciwon Reye ba shi da yawa, kuma akwai larurori kamar cutar Kawasaki da likita yakan rubuta wa yaro asfirin yana sa ido a kansa. In ba a irin wannan hali ba, yaron da bai kai shekara 16 ba ba a ba shi asfirin don zazzaɓi. Allah ya ƙara wa yaranmu lafiya.