Alƙur'ani Ɗaya, Bugu Dubu: Yadda Ake Haɗa Fihirisa Mai Sharhi

Wata ɗaliba ta kawo mini jerin littattafan da ta tattara a kan tarihin buga Alƙur'ani da yaɗuwarsa. Layi na farko ta rubuta: Alƙur'ani Mai Girma, Kano, ba shekara. Layi na biyu ma haka, na uku ma haka. Na ce, “Malama, waɗannan ukun littafi ɗaya ne ko uku?” Ta ce, “Ai Malam, Alƙur'ani ɗaya ne.” Gaskiya ta faɗa, kuma a nan ne aikin nata ya tsaya cik.

Fihirisa mai sharhi jerin littattafai ne wanda a ƙarƙashin kowane suna ake ƙara ɗan bayani: mene ne wannan littafi, me ya bambanta shi da 'yan uwansa, wane amfani zai yi wa mai bincike. A kan sauran littattafai abin da sauƙi, domin sunan marubuci da sunan littafi da shekara sun isa su raba wannan da wancan. Littafi mai tsarki kuwa ba a rubuta masa marubuci, sunansa ba ya canzawa, nassinsa kuma ana ƙoƙari ne kada ko wasali ya motsa. Saboda haka mai fihirisa sai ya koma ga jikin kwafin da ke hannunsa: ruwaya, hannun da ya rubuta, injin da ya buga, aljihun da ya biya, da hanyar da littafin ya bi ya iso.

Kafin a kai ga haka sai an ja iyaka. Wanda ya ce zai tattara duk abin da aka buga na littattafai masu tsarki, jikokinsa ne za su ƙarasa. Darlow da Moule, waɗanda suka yi fihirisar bugun Baibul na ɗakin karatun ƙungiyar Baibul ta Birtaniya, sun fara fitar da aikinsu a 1903, ba su kammala ba sai 1911, alhali littattafan suna jere a gabansu cikin gida ɗaya. Na shawarci ɗalibar ta tsaya kan mus'hafan da suka yi yawo a kasuwannin Kano da Zariya a ƙarni na 20, ta kuma raba jerin gida biyu: bugun kansu daban, rubuce-rubucen masana a kansu daban. Na biyun ya fi sauƙi. Mujalladi na biyu na babban aikin John Hunwick a kan adabin Larabci na Afirka, wanda ya fito a 1995, da maƙalolin Andrea Brigaglia a kan marubutan Alƙur'ani na Kano, suna cikin wuraren farawa. Sharhi a kansu layi uku ya isa: me marubucin ya tabbatar, da wace shaida, me ya bari.

Gida na farko shi ne mai cin rai. Akwai wasu bugu na waje da dole a san su, domin su ne ma'auni. Na birnin Banis da iyalin Paganini suka buga wajen 1537 zuwa 1538 ya ɓace har wasu suka ɗauka tatsuniya ce, sai a 1987 Angela Nuovo ta gano kwafi ɗaya a ɗakin karatun wasu 'yan zuhudu a birnin. Darasin da ke nan shi ne mai fihirisa ya riƙa nuna abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji a bakin wani. Ni alamar da nake sawa ita ce kalma ɗaya a ƙarshen sharhi: “na gani” ko “ban gani ba, daga wane”. Sai bugun Flügel na Laifzig a 1834, wanda Turawa suka daɗe suna dogaro da shi, lambobin ayoyinsa kuma ba su dace da na kowace ƙidayar Musulmi ba: Ayatul Kursiyyu da muka sani a 255, a can 256 ce. Sai bugun Alƙahira na 1924, a zamanin Sarki Fu'ad, wanda ya kafa ruwayar Hafsu da ƙidayar Kufa mai ayoyi 6236. Sai kuma maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina, da aka buɗe a 1984, wadda mus'hafinta na rubutun Usman Ɗaha ya shigo mana cikin jakunkunan alhazai.

To, ƙasar Hausa da Barno ba da Hafsu suka tashi ba. Tsangaya da Warshu take karatu, da rubutu mai kauri na gida, dangin na Magariba. Shi ya sa tambaya ta farko ga kowane kwafi ita ce ruwaya, kuma ko wanda ba gardi ba zai iya samun alama. A rubutun gida, harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A duba kan Suratul Baƙara: mai bin ƙidayar Kufa zai ce aya 286, mai bin ta Madina ya ce 285. Amma kada a yanke hukunci da siffar rubutu kaɗai, domin Madina ma tana buga Warshu, da hannu mai kyau irin na zamani. Ruwaya gurbinta daban, salon rubutu gurbinsa daban.

Bari mu ɗauki kwafi ɗaya mu bi shi. Cikin ukun da ɗalibar ta kawo akwai wanda ta aro a gidan kakanta, warƙa-warƙa ne, ba a ɗinke ba, a cikin gafaka ta fata. Da gani sai ka rantse rubutun hannu ne: baƙi da tawada baƙa, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, ga zayyana a kan kowane hizifi. Muka kai shi bakin taga. Tawadar alƙalamin kara tana yin kauri inda aka tsoma, ta yi ta raguwa har a sake tsomawa, wani lokaci ma yatsa yana jin tudunta. Wannan kuwa baƙinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, sumul. Sannan a wasu shafuka jajayen wasulla duk sun goce gefe guda da ɗan tazara iri ɗaya. Hannun mutum ba ya kuskure iri ɗaya sau ɗari a shafi; inji ne ya buga kowane launi daban, farantin ja ya ɗan kauce. Wato alaramma ya rubuta, aka ɗauki hoton rubutunsa, aka buga. Haka aka yi da rubutun mashahuran marubuta irin su Sharif Bala Gabari na Kano, kuma wannan hanya ce ta sa mutanen tsangaya suka karɓi bugu, tunda hannun da suka saba da shi suke gani.

Sai muka juya warƙar ƙarshe. Marubucin ya sa sunansa, ya roƙi addu'a, ya rubuta shekarar da ya gama da lissafin Hijira. Ɗalibar ta yi murna ta ce ga shekarar bugu. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Wannan shekarar da aka ajiye alƙalami ce. Injin ya ɗauki hotonta tare da sauran shafuka, kuma zai ci gaba da maimaita ta ko da an sake bugu bayan shekara talatin. Abin da take tabbatarwa kawai shi ne ba a buga kafin nan ba. Iyakar ɗaya ɓangaren kuma muka same ta a bangon gafakar, inda kakan ya rubuta ranar da ya saya. Tsakanin waɗannan biyun bugun yake, kuma haka za a rubuta, cikin baka mai kusurwa, alamar cewa hasashen mai fihirisa ne, ba abin da ke jikin littafi ba.

Juya shekarar Hijira ma da tarkonsa. Lissafin gaggawa shi ne a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Ɗauki 1342, shekarar bugun Alƙahira: za ka samu 1923 da ɗoriya. Shekarar ta fara ne a Agustan 1923 ta ƙare a Agustan 1924, shi ya sa za ka ga wani ya ce 1923, wani 1924, har mai gaggawa ya lissafa su bugu biyu. Idan ba a ambaci wata ba, a rubuta shekarar Hijira yadda take, a biyo ta da na Miladiyya biyun.

Ga yadda sharhin kwafin kakan ya kasance a ƙarshe, a taƙaice: ruwayar Warshu, rubutun gida, hoton rubutun alaramma wane, launi uku, warƙa kaza, layi kaza a shafi, tsawo da faɗi da santimita, babu lambar shafi, sai kalmar farkon warƙa ta gaba da ake sawa a ƙasan kowace warƙa, da ita muka gane biyu sun ɓace a Suratu Maryam, sunan wanda ya ɗauki nauyin bugu yana warƙar farko, na maɗaba'a babu, an saya a kasuwar Kurmi, inji rubutun mai shi, na gani. Da muka auna sauran biyun da wannan, ɗaya ya fito hannun alaramman nan ne dai, amma an rage girman shafi, ga inuwar gefen tsohuwar takarda ta fito baƙi-baƙi, wato hoton bugu ne aka sake ɗauka. Ɗayan kuma Hafsu ne ɗan Beirut, ɗinkakke, hatimin wani kantin Kano ne ya sa ta rubuta Kano. Inda aka buga da inda aka sayar, gurbi biyu ne.

Ina ganin wannan bayani na ƙarshe shi ya fi kowanne tsada, kuma shi aka fi zubarwa. Hatimin kanti, farashin da aka rubuta da fensir, tambarin “waƙafi ne, ba na sayarwa ba”, sunan masallaci a gefen shafi: da su ake gane ko littafi ya zo ta hannun ɗan kasuwa ne, ko ta jirgin alhazai, ko kyautar wata ƙungiya. Ma'aikacin ɗakin karatu yakan ɗauke su ƙazanta. A kwafe su harafi da harafi.

Fassara kuma sashenta daban, domin a nan akwai mutumin da za a jingina wa aiki. Tarjamar Shaihu Abubakar Gumi ta fara fitowa a ƙarshen shekarun 1970, daga baya Madina ta riƙa buga ta tana rabawa, don haka kowane bugu layinsa daban, a kuma duba ko an taɓa lafazin Hausar. Ta Shaihu Nasiru Kabara, Ihsanul Mannan, sharhinta ya faɗi mahangar mai fassara da adalci, ba tare da mai fihirisa ya shiga rigimar malamai ba. Wanda ya faɗaɗa zuwa Baibul na Hausa, wanda cikakkensa ya fito a 1932, tambayoyinsa kusan waɗannan ne, da ƙarin guda: boko ne ko ajami, tunda 'yan mishan sun buga sassa da duka biyun.

Ɗalibar ta mayar da gafakar gidan kakanta bayan mako biyu. Kafin nan ta ɗauki hoton warƙar farko da ta ƙarshe da bangon ciki, ta ajiye ruwan awo a gefen kowace, ta kuma ce za ta tambayi kawunta ko warƙoƙin nan biyu na Suratu Maryam suna cikin tsohuwar adakar da ke zaure.