Zoben ƙaiƙayi a ƙarƙashin agogo

Wani kafinta ɗan Anloga ta Kumasi da muke sallar Azahar a masallaci ɗaya, na daɗe ina lura da yadda yake alwala. Ba ya cire agogonsa. Yakan tura shi sama da babban yatsa, ya wanke hannu har gwiwa, ya sake shi ya zame ya koma mazauninsa a kan jiƙaƙƙiyar fata. Ran nan da ya kwance shi don ya sosa wurin, sai ga wani baƙin zobe ya kewaye wuyan hannun, faɗinsa daidai faɗin igiyar roba, fatar ta yi sulɓi, gefenta yana saɓa. Ya ce mini, "Malam, wannan agogo ne jinina bai karɓa ba." Har ya yi niyyar zuwa kasuwar Kejetia ya sayo wani.

Na ce ya dakata. Da ya sayo sabon, da bayan wata guda zoben ya dawo, domin laifin ba na agogon ba ne.

Anloga unguwar katako ce tun asali. An kwashe babbar kasuwar katakon zuwa Sokoban wajejen 2009 don a shimfiɗa titi, amma masu zarto da masu gawayi ba su ƙare ba. Ga iskar Kumasi mai laima, wadda zufa ba ta saurin bushewa a cikinta sai lokacin hunturu. To, ka lissafa abin da ke taruwa a ƙarƙashin igiyar mutumin nan daga safe zuwa dare: zufa, garin katako, ruwan alwala sau biyar, da kuma ragowar sabulu. Sabulun shi ne babban mai laifi. Saman fatar mutum yana da ɗan tsami da ɗan maiƙo da ke kare shi, sabulu kuwa kishiyar tsami ne, aikinsa narkar da maiƙo. Sabulun salo, wanda 'yan Kumasi ke kira alata samina, da tokar ɓawon koko ko na ayaba ake yin sa, kuma yana da kaifi. A sauran jiki ruwa yana ɗauraye shi cikin minti ɗaya. A ƙarƙashin igiya kuwa kumfar takan maƙale, roba ta rufe ta, ta wuni tana cin fata, garin katako yana gurzar wurin duk motsin da hannu ya yi. Wannan zai iya samun kowa.

Akwai wani ƙaiƙayin daban, wanda shi ne maganar kafintan za ta dace da shi, kuma siffar tabon ce ke rarrabe su. Idan tabon ya bi igiyar duka, yana zafi-zafi kamar gogar takalmi, kuma ya lafa cikin 'yan kwanaki da ajiye agogo, to danshi ne da sabulu. Idan kuwa ya fito daidai inda ƙarfe ke taɓa fata, da'ira a ƙarƙashin murfin baya ko ɗan murabba'i a wurin maɗauri, da ƙananan ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi mai hana barci, to jiki ne ya ƙi sinadarin nikel. Agogo mai araha sau da yawa ƙarfe ne da aka yi wa wankin zinare ko na azurfa. Wankin yana gogewa, gishirin zufa ya narkar da nikel ɗin da ke ƙasa ya shige fata. Ba ya nunawa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa mutane ke ɗora laifin a kan abincin da suka ci jiya. Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 da ta ƙayyade nikel ɗin da kayan da ke daɗewa a jikin fata za su iya saki, amma agogon tire a bakin kasuwa babu takardar da ke biye da shi. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin nikel ya ƙi shi ke nan, wanki ba zai raba su ba. Alama mai sauƙi: yawanci maɓallin wandon jins ko 'yan kunne masu araha ma suna sa masa ƙuraje. Igiyar fata kuma takan jawo irin haka saboda sinadarin kuromiyam da ake jima da shi a masana'anta.

Na kafintan nau'in farko ne, don haka muka fara da wanki. Na sa ya juya agogon mu karanta bayansa. An rubuta 30M. Mutane suna ɗauka mita talatin za a nutse da shi, alhali ma'anarsa a aikace fantsamar ruwa kawai zai jure. Irin wannan, da wanda ba a rubuta masa komai ba, ba a tsoma kansa a ruwa. Mai gyaran agogo ya zare mana igiyar cikin ƙiftawar ido, ɗan sandan ƙarfe mai sifirin ne ke riƙe da ita. Muka zuba ruwa mai ɗumi a kofi, ɗigo biyu na sabulun ruwa, muka jiƙa ta minti biyar, sannan tsohon buroshin haƙori mai laushi ya bi ramukan da tsagogin. Abin da ya fito baƙi ne mai yauƙi, da wari irin na tsohuwar safa. Ɗauraya ita ce matakin da ake yi wa gaggawa, kuma ita ce ta fi muhimmanci: sau uku muka sauya ruwa, don in sabulu ya saura an koma gidan jiya. Kan agogon da tsumma mai ɗan danshi aka goge shi, bayan an tabbatar makunnin saita lokaci a danne yake, aka bi kewayen murfin da tsinken sakace. Sarƙar ƙarfe haka ake yi mata, sai dai ta fi ɓoye datti a gaɓoɓinta. Igiyar fata ba ta shan wannan wanka, goge ta ake yi a shanya a inuwa, in ta riga ta yi wari a sauya ta. Kada a kusanto da bilic ko kananzir.

Hannun kuma hutu ya samu. Mako biyu agogo na aljihu. Ya wanke wurin da ruwa zalla, ya tsane, ya shafa man kaɗanya marar turare safe da dare. In ƙaiƙayi ya matsa, man haidirokotizon mai kashi ɗaya cikin ɗari da ake samu a kemis, shafa siririya sau biyu a rana, kada ya wuce mako guda. Abin da nake hana mutane shi ne ɗauko man bilicin na bututu daga ɗakin uwargida. Yana kashe ƙaiƙayi a dare ɗaya saboda ƙarfin maganin da ke ciki, amma yana sirantar da fata, kuma in makero ne ba kirci ba, ƙara masa faɗi yake yi. Makero ana gane shi da tudun baki da tsakiya mai haske, yana ci gaba da yaɗuwa ko an cire agogo, kuma maganin naman gwari yake so. Ruwa ko mugunya, kumburi da zafi, ko mako biyu ba sauƙi, wannan na asibiti ne. A can ne ma ake iya manna wa mutum sinadarai a gadon baya na kwana biyu a gano wanda jikinsa ya ƙi.

Ƙaiƙayin kafintan ya tafi a kwana biyar. Baƙin zoben bai tafi ba, kuma na gaya masa tun farko: baƙar fata takan riƙe tabo watanni bayan ciwo ya warke, ba sai an shafa masa komai ba. Yanzu ya sassauta igiyar da rami ɗaya, yadda ɗan ƙaramin yatsa zai shiga, yana kwana ba agogo, yana wanke ta duk Juma'a. In ya zo alwala sai ya kwance shi ya ɗora a kan takalminsa, ba ya mayarwa sai an sallame.