Kitsen jinin da ake gado: me ya sa gwaji ɗaya ke isa?

Duk wanda ya yi aure a shekarun nan ya san gwajin jinotayif. Ana ɗibar jini sau ɗaya, a rubuta AA ko AS ko SS, shi ke nan. Ba wanda ke komawa baɗi ya duba ko AS ɗinsa ya koma AA, domin abu ne da aka haife shi da shi. To akwai wani gwajin jini mai kusan wannan hali, wanda ya shafi zuciya da jijiyoyin jini, amma mutanenmu kaɗan ne suka taɓa jin sunansa. A takardar gwaji ana rubuta shi Lp(a).

Kitse ba ya narkewa a jini, kamar yadda man gyaɗa ba ya haɗuwa da ruwa. Saboda haka jiki kan ƙunshe shi cikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu yawo da shi. Wadda aka fi sani ita ce LDL, mai ɗauke da kolestarol ɗin da ke taruwa a bangon jijiya. Lp(a) tamkar LDL ce da aka ɗaura wa ƙarin jela. Hanta ce ke ƙera ta. Wannan jelar ce ke ƙara mata mugunta: tana maƙalewa a bangon jijiya, tana jawo kumburi a wurin, hanyar jini na ta tsukewa shekara bayan shekara ba tare da mutum ya ji komai ba. Ƙarshenta bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci kuma ƙofar da jini ke fita daga zuciya ta sandare. Wani likita ɗan ƙasar Norway, Kåre Berg, shi ya gano ta a 1963.

Abin da ya raba ta da sauran kitsen jini shi ne, ba tukunya ke kawo ta ba. Ƙwayar gado guda, mai suna LPA, ita ke yanke kusan kashi 90 cikin ɗari na yawanta a jinin mutum. Kowa na karɓar kwafi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kuma dukansu biyu suna aiki, abin da kowane ya samar ana haɗa shi ne. Tun yaro yana wajen shekara 5 adadinsa ya kusa daidaita, kuma da shi zai tsufa. Rage manja, barin kitsen nama, azumi, noma daga safe zuwa la'asar, duk suna da amfani ga zuciya, amma ba sa motsa wannan adadi wani abin kirki. Dalilin ke nan da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai suka ba da shawara a 2019 cewa kowane baligi a auna masa ko da sau ɗaya ne a rayuwa. Suga da hawan jini suna hawa suna sauka, dole a riƙa bibiyarsu. Wannan kuwa, amsar bana ita ce amsar shekara goma masu zuwa.

Mu ɗauki misalin wani manomin rake a Danja, ɗan shekara 46. Siriri ne, jikinsa a murɗe, ba ya shan taba, lokacin yin mazarƙwaila yakan wuni a tsaye gaban tukunya. Mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi a gona yana da shekara 52, baffansa kuma ɓarin jikinsa ya shanye bai kai sittin ba. A gida an ce ajali ne, kuma ajalin ne, amma ajali yana da sanadi. Manomin ya je aka yi masa gwajin kitse na yau da kullum, aka ce babu abin tayar da hankali. A nan mutane da yawa ke tsayawa, alhali wannan gwaji bai ƙunshi Lp(a) ba, sai likita ya rubuta shi daban. Tarihin gidansu ne ya sa aka rubuta masa, ya bi hanyar Zariya zuwa babban ɗakin gwaji, domin ba aiki ne na ƙaramin asibiti ba. Ba a bukatar zuwa da yunwa. Sakamako ya fito: 190 nmol/L.

Kafin a tsorata ko a saki jiki, a fara duba ma'aunin da ke gefen lambar. Iri biyu ne. Idan nmol/L ne, ƙasa da 75 ana ɗaukarsa lafiya lau, sama da 125 ya yi yawa. Idan mg/dL ne, iyakokin su ne 30 da 50. Lamba 70 a ma'auni na farko ba komai ba ce, a na biyu kuwa ta haura. A kuma tabbata Lp(a) aka rubuta, domin akwai wani gwaji mai suna ApoA1 da ake rikita su, kuma ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Na manomin nan ya haura, kuma ba shi kaɗai ba ne: kusan mutum 1 cikin 5 a duniya haka suke, baƙar fata kuma adadinsu ya fi na Turawa a matsakaici. Hakan ba hukuncin kisa ba ne. Haɗarin yana ƙaruwa ne gwargwadon hawan lambar, kuma yana hawa kan sauran matsalolin da mutum ke da su. Da aka auna hawan jinin manomin aka samu 150/95, bai ma san yana da hawan jini ba. Likita ya ce masa: “Malam, wanda ka gada ba zan iya taɓa shi ba. Amma wanda ke kusa da shi, shi za mu matsa wa.” Aka ɗora shi kan maganin hawan jini, aka duba suga, aka ba shi sitatin don a sauko da LDL ƙasa da inda za a bar na wani. Sitatin ba ya rage Lp(a), wani lokaci ma yakan ɗan ɗaga ta, don haka kada mutum ya sake gwaji ya ga lambar tana nan ya ce magani bai yi ba, ya watsar. Akwai sababbin allurai da suka sauko da ita kashi 80 ko fiye a gwaje-gwajen farko, amma har lokacin wannan rubutu ba su shigo kemis ba. Duk mai jiƙe-jiƙen da ya ce zai wanke ta daga jini, kuɗinka yake so.

“Sau ɗaya” ɗin ma yana da iyaka. Ciwon ƙoda, musamman irin mai sa furotin zuba a fitsari, yana ɗaga adadin. Haka raunin maƙoƙon wuya mai sarrafa ƙarfin jiki, da juna biyu, da ɗaukewar al'ada. Ciwon hanta mai tsanani kuwa saukar da shi yake yi. Wanda aka auna yana kwance cikin zazzaɓi mai zafi, ko macen da nata ya faɗa tsakanin 75 da 125 kafin al'ada ta ɗauke, likita na iya cewa a maimaita.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Idan kwafi ɗaya ne ya jawo wa manomin wannan adadi, kowane ɗansa yana da rabi da rabi na gadonsa, haka ma ƙannensa da yayyensa. A gidajen da ake auren zumunci, kamar yadda muka saba, yaro na iya karɓowa ta uwa da ta uba a lokaci guda. Shi ya sa likitan ya ce a fara da 'yan'uwansa na ciki ɗaya da babban ɗansa, shi kuma ya adana takardar inda yake ajiye ta gona, ya riƙa nuna ta duk asibitin da ya je.