Daren Majigi: Labarin Yaron da Ya Kalli Fim ta Bayan Ƙyalle

Da yawanku kun taɓa jin kalmar majigi a bakin kakanninku. Asalinta sunan wata fitila ce ta Turawa mai haska hoto a bango, Hausawa suka lanƙwasa sunan ya dace da harshensu. Tun kafin samun 'yancin kai a 1960, gwamnati kan tura mota gari-gari ɗauke da janareta, na'urar haska fim, lasifika da farin ƙyalle. A ƙofar fada ko filin makaranta ake kafawa, kallo kuma kyauta. Finafinan na wayar da kai ne, a kan tsabta, rigakafi da noma, irin su Baban Larai da tsofaffi ba su manta ba. A wannan makon mun kawo muku gajeren labari na wani dattijo da ke ba jikokinsa labarin daren da ya fara ganin fim.

Ya ce a lokacin bai wuce shekara tara ba. Tun da la'asar sankira ya zaga gari yana shela cewa bayan sallar isha'i kowa ya hallara ƙofar gidan dagaci. Mahaifinsa ya ce babu inda za shi, wai abin da ke motsi ba rai, ba a kai yaro wurinsa da dare. Amma da gari ya yi tsit, ƙarar janareta ta fara isowa har zauren gidansu, sai ya sulale ta dangar baya.

Ko da ya isa fili ya cika. Dagaci da manya suna kan kujeru, yara a zaune a ƙasa, dogari na kai da kawo da bulala. Ga kawunsa a sahun gaba. Tsoron kada a gan shi ya sa ya zagaya bayan ƙyallen da aka ɗaure tsakanin sanduna biyu, ya raɓe a gindin wata bedi. Abin mamaki, hoton yana fitowa ta can ma, domin haske na ratsa ƙyallen.

Fim ɗin na noman auduga ne. Wani malami riƙe da makirfo yana bayani da Hausa: a shuka a layi, a yi da wuri, a tuge karan bara a ƙone don kashe ƙwari. Yaro bai damu da wannan ba, hannuwa yake kallo. Malamin gona ya miƙa wa manomi iri da hagu, manomi ya karɓa da hagu, suka gaisa da hagu!

Ana cikin haka hoto ya tsaya cak, wani baƙin tabo ya ɓullo a tsakiya, ya buɗe kamar wuta ta ci takarda. Mata suka sa salati, yara suka watse. Abin da ya faru ba aljanu ba ne. Fim ɗin zare ne mai faɗin milimita 16, hotuna 24 ke giftawa gaban fitila a kowace daƙiƙa, shi ya sa ido ke ganin motsi. In zaren ya maƙale, zafin fitila kan narkar da hoton da ya tsaya nan take. Mai na'ura ya gyara, aka ci gaba, amma yaro ya riga ya kai gida.

Da safe mahaifinsa ya ji ana ta zancen shuka a layi. Ya dube shi ya ce, "Na san ka je. Faɗa mini gaskiya, me ka gani?"

"Baba, mutanen ciki duk bahagwai ne. Har gaisuwa da hagu suke yi."

Tsohon ya yi shiru, sannan ya ce mutanen da ba su san hannun gaisuwa ba, ba za su koya masa noma ba. Daminar nan ya yi shukarsa yadda ya saba. Kawun da ya zauna ta gaba ya ja igiya ya shuka a layi, nomansa ya zo da sauƙi, audugarsa ta fi tasu auki a kasuwa.

Nan jikokin suka fashe da dariya, wata ta ce, "Kaka, ai ta baya ka kalla!" Ku ma ku gwada: ku rubuta sunanku a farar takarda, ku juya ta ku ɗaga wajen fitila, za ku ga dama ta koma hagu.

Dattijon ya ce sai bayan shekara uku, da majigi ya dawo ya samu wuri a gaba, ya ga kowa na gaisawa da dama. Ya so ya je ya warware wa mahaifinsa, amma ya rasa ta inda zai fara, tunda har a majalisa tsohon ya riga ya baza labarin bahagwan majigi.